Minti biyar kafin ka tura labarin Sarauniya Mangu: jawabin da aka yi a wani zaman matasa a Gaweye

Zan yi ƙoƙari in gama kafin a kira magariba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Kwanakin baya wata ƙanwata da ke lise ta turo mini wani rubutu a waya, ta ce: "Yaya, duba mini wannan, da shi zan yi bayani gaban ƴan ajinmu." Rubutun a kan Sarauniya Mangu ne, ta Lugu. A samansa akwai hoton wata kyakkyawar mace, budurwa, cikin shigar yaƙi, hoto mai kala tas kamar jiya aka ɗauke shi. A ƙasa an rubuta ranar da aka haife ta, har da wata da shekara. An ce ta yi wa sojojin Faransa kaca-kaca, ta kashe shugabansu Voulet, sauran suka ranta a na kare. An rufe da cewa duk ɗan Nijar na gaskiya ya tura wa mutum goma.

Na ce mata: "Ƙanwata, wa ya rubuta?" Ta ce ba ta sani ba, amma a wurare da yawa ta gan shi. Na ce to zauna, mu ba shi minti biyar. Abin da muka yi a minti biyar ɗin nan shi na kawo muku yau.

Na zaɓi Sarauniya ne da gangan. A garin nan sunanta yana ko'ina: akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, akwai lambar girmamawa ta ƙasa mai sunanta, yara suna jin ta tun suna ƙanana. Kuma mace ce da ta rayu da gaske, ta tsaya da gaske. Ba tatsuniya ba ce. Amma irin waɗannan mutane, waɗanda muke ƙauna, su aka fi yi wa ƙari, domin ba wanda ke son ya tsaya ya tambaya. In an yabi wanda kake so, hannu ya fi kai saurin turawa.

Kafin mu fara ƙidayar minti, akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe, domin duk sauran a kansa suke. Abin da ake faɗa a kan Sarauniya Mangu daga rijiya uku ake ɗebo shi.

Rijiya ta farko takardun Faransawa ne. Ayarin da ya afka wa Lugu a 1899 shi ne wanda kaftin Paul Voulet da kaftin Julien Chanoine suka jagoranta, da nufin isa tafkin Chadi. Hafsoshin ayarin sun bar rahotanni da wasiƙu, akasarinsu suna ajiye a Aix-en-Provence, can Faransa. Ɗaya daga cikinsu, Paul Joalland, ya rubuta littafi mai suna Le Drame de Dankori wajen shekara 30 bayan abin ya faru. A bakin waɗannan mutane Sarauniya tsohuwar matsafiya ce, kuma layuka kaɗan suka ba ta.

Rijiya ta biyu bakin mutanen Lugu ne da na ƙasar Arewa, can yankin Dogon Dutsi: abin da kakanni suka faɗa wa jikoki. A wurinsu Sarauniya sarauta ce, ba sunan yanka ba. An yi wasu kafin Mangu, an yi wasu bayanta, kuma aikin mai riƙe da sarautar ya fi karkata ga al'adar gargajiya ta Azna da kare gari ta wannan hanya.

Rijiya ta uku ita ce wadda ta fi cika. A 1980 marigayi Abdoulaye Mamani, marubuci kuma ɗan gwagwarmayar Sawaba, ya fitar da littafinsa Sarraounia. Ƙagaggen labari ne da ya gina a kan abin da ya faru. A 1986 Med Hondo ya mayar da shi fim, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sarauniyar da yawancinmu muke gani in mun rufe ido, matashiya, jaruma, mai riƙe da makami a gaban dakaru, daga nan ta fito.

Ba ina cewa Mamani ya yi ƙarya ba. Ya ce labari zai rubuta, kuma labari ya rubuta, mai kyau, wanda ya fito da sunan wannan mata daga mantuwa. Laifin yana kan wanda ya ɗebo ruwan rijiya ta uku ya sayar mana da sunan na farko ko na biyu. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane rubutu ita ce: daga wace rijiya ka ɗebo, kuma ka faɗa mini ko ka ɓoye?

Yanzu mu duba agogo.

Minti na farko, kada ka karanta labarin tukuna. Je ka sama ka nemi sunan wanda ya rubuta, ka gangara ƙasa ka nemi inda ya ce ya samo. Mu nan ba baƙin wannan hanya ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ba a karɓar hadisi haka kawai, sai an tambayi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji. To haka za ka yi wa tarihi. Rubutun kirki zai ce maka Joalland ya rubuta kaza, ko tsofaffin Lugu sun shaida wa mai bincike wane kaza a shekara kaza. Rubutun banza zai ce "masana tarihi sun tabbatar" ko "kamar yadda tarihi ya nuna". Waɗanne masana? Ba suna. Wannan an ce da an ce ne aka sanya wa babbar riga.

Ku lura kuma, ba kowane suna ne isnadi ba. In ka ga rubutu ya jera tarihin Sarauniya tun daga haihuwa, sannan a ƙasa madogararsa ɗaya tilo ita ce littafin Mamani ko fim ɗin Med Hondo, to ya faɗa maka gaskiya ba da saninsa ba: taƙaitaccen labarin littafi ne kake karantawa. Rubutun ƙanwata ba shi da sunan marubuci, ba shi da madogara ko ɗaya. Wannan kaɗai bai isa a ce ƙarya ne ba, amma ya isa a ce bai kawo shaida ba. Sai muka wuce.

Minti na biyu, ɗauki magana ɗaya mai kwanan wata ka auna ta da kalanda da hanyar mota. Kada ka ce sai ka auna komai, minti biyar ba za su isa ba. Zaɓi magana mafi girma. A namu, ita ce wai Sarauniya ta kashe Voulet a Lugu.

Ga kwanakin da suka tabbata. An yi yaƙin Lugu ranar 16 ga Afrilu 1899. A watan Mayu ayarin ya kai Birnin Konni, ya yi kisan da har gobe ba a manta ba. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, Bafaranshen da aka turo ya karɓe ayarin daga hannunsa. Ranar 16 ga Yuli sojojin ayarin, ƴan Afirka da suka yi bore, suka kashe Chanoine, washegari 17 suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi. A ƙarshen watan nan Joalland da sauran ayarin suka shiga Damagaram.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli wata uku ne cur. Wanda ya taɓa shiga motar Damagaram daga nan Yamai ya san jerin garuruwan: Dosso, Dogon Dutsi, Konni, Madawa, Maradi, Tasawa. Lugu tana yankin Dogon Dutsi. Maijirgi tana gaba da Tasawa. Tsakaninsu ya haura kilomita 400. Mutumin da aka ce an kashe a Lugu a Afrilu, ta yaya ya ƙone Konni a Mayu, ya sa a harbe Klobb a Yuli? Ramin ƙarya ƙurarre ne, ba sai ka je jami'a ba kafin ka gano wannan.

Akwai masu sassauta maganar su ce to, ba ita ta kashe shi ba, amma yaƙin Lugu ne ya sa Faransa ta turo a kama shi. Nan ma kalanda za ta taimake ka. Ayarin ya fara ta'asa tun a bakin kogin nan namu: a watan Janairu 1899 ya yi kisa a Sansane Hausa, sama da Yamai. Wani hafsa mai suna Peteau, wanda Voulet ya kora, ya rubuta wa matar da zai aura wasiƙa yana ba da labarin abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun ƴan siyasa a Paris. A cikin Afrilu, kwanaki kaɗan bayan yaƙin Lugu, aka ba da umarnin tura Klobb. A zamanin da saƙo daga wannan yanki ke ɗaukar makonni kafin ya isa inda ake buga waya, labarin Lugu bai isa ya kai Paris cikin ƴan kwanaki ba. Abin da ya gabata ne ya jawo umarnin.

To me ya faru a Lugu? Takardun Faransawa da kansu sun yarda an yi musu turjiya mai tsanani, sun ƙidaya mutum 4 da aka kashe musu da 6 da aka jikkata. Mutanen Lugu sun ja cikin kurmin da ke kusa da garin, inda shiga ke da wuya, Faransawa suka ƙone garin suka wuce, ba su kama Sarauniya ba. Daga baya mutane suka dawo. Wannan shi ne abin da ke hannu, kuma ni a ganina ya isa abin alfahari: ƙauye ya tsaya gaban ayari mai bindigogi da igwa, a lokacin da manyan garuruwa ke auna ko su buɗe ƙofa.

Wani zai ce, ai Faransawa ne suka ƙidaya matattunsu, me zai hana su rage? Tambaya ce mai kyau, ku riƙe ta. Maharin da ya rubuta rahoto yana da dalilin rage asararsa, yana da dalilin raina wanda ya tsaya masa. Shi ya sa rubutun kirki ba zai ce "mutum 4 suka mutu" ya yi shiru ba, zai ce "a ƙidayar Faransawa". Amma ku bambanta abu biyu. Adadin matattu magana ce ta bakin mutum ɗaya, ana iya murɗa ta. Ranar da Voulet ya mutu da wurin da ya mutu kuwa shaidu da yawa ne suka haɗu a kai: hafsoshin da suka tsira, binciken da gwamnatinsu ta yi, da mutanen Maijirgi da kabarin ke garinsu. Ba a ƙaryata wannan da cewa "ai Turawa ne suka rubuta".

Minti na uku, nemi sawun littafi. Akwai abubuwan da shaidar 1899 ba za ta iya ba ka ba, sai marubucin labari. Ranar haihuwa, har da wata, ta mace da aka haifa a ƙauyen Arewa a ƙarni na 19, inda ba a rubuta haihuwa: wa ya rubuta ta, a wane littafi? Kakanninmu da yawa katinsu cewa yake an haife su "wajen" shekara kaza, balle ita. Sai dogon jawabi da aka sa cikin baka biyu, wai ga abin da ta faɗa wa dakarunta daren yaƙi, kalma bayan kalma. Wa ke riƙe da alƙalami a wurin? Sai labarin ƙuruciyarta, yadda wani mai suna Dawa ya raine ta ya koya mata harbi da magani. Dawa mutumin littafin Mamani ne da fim. In ka gan shi a rubutun da ya kira kansa tarihi, ba tare da an ce daga littafin aka ɗauko ba, ka kama sawun.

Ga ƙa'idar a taƙaice: in bayani ya fi ƙarfin shaidar da za a iya samu a zamanin, to ƙari ne. Mun saba ɗauka cewa rubutun da ya fi cika da bayani shi ya fi sani. A tarihin irin wannan zamani sau da yawa akasin haka ne. Wanda ya sani da gaske za ka ji yana cewa Faransawa sun kira ta tsohuwa, littafi ya mayar da ita matashiya, mutanen Lugu kuma ga abin da suke faɗa. Yana nuna maka inda aka yi saɓani. Wanda bai sani ba labarinsa sumul yake, ba gargada, kamar shi ya yi mata wanka ranar suna.

Minti na huɗu, hoto. Shi ne ya fi ruɗin mutane, domin mun tashi da cewa gani ya kori ji. Amma ganin me? Hoton da ke kan rubutun ƙanwata mai kala ne, haske ya zauna daidai, fuska ta fito kamar a allon sinima. Dalili kuwa daga sinima yake. Ƴar wasan Burkina ce, Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya a fim ɗin 1986. Ba mu daɗe ba muka gano: na danna hoton na riƙe, na bincika shi da Google Lens, sai ga shi a jikin tallan fim ɗin.

Wani lokaci kuma tsohon hoto ne na gaske, baƙi da fari, amma na wata ce daban. Hotunan matan yaƙin Dahomey, waɗanda aka ɗauka a ƙarshen ƙarni na 19, suna yawo sosai, ana liƙa su a kan kowace jaruma ta Afirka. Saboda haka tsufan hoto ba shaida ba ne. Tambayoyin su ne: wa ya ɗauka, a wace shekara, a ina aka ajiye asalinsa? Rubutun kirki zai rubuta a ƙarƙashin hoton cewa daga fim ne, ko zane ne na mai zane wane. Wanda ya liƙa fuskar ƴar wasa ya ce ga Sarauniya, ko ya sani ya ɓoye, ko bai duba ba. Ko wanne ne, ka san yadda za ka ɗauki sauran maganarsa.

Minti na biyar, fita daga rubutun. Kuskuren da muke yi shi ne mu tsaya cikin rubutu muna juya shi, muna duba ko ya yi kyau, ko Faransancinsa ya nuna, ko yana da tuta da hatimi a sama. Duk wannan ado ne, kowa na iya yi. In baƙo ya zo neman aure ba a tambayar shi kansa halinsa, garinsu ake aikawa. To buɗe wani wurin bincike ka tambayi wasu.

Ka yi abu biyu. Na farko, kwafi jimla ɗaya daga rubutun, ka sa ta tsakanin alamun zance, ka bincika. In ta fito a wuri goma, kalma ɗaya ba ta canza ba, kada ka ce shaidu goma sun yarda. Shaida ɗaya ne aka kwafa sau goma. Wannan ita ce amsar maganar ƙanwata cewa a wurare da yawa ta gani. Na biyu, ka bincika da rubutun Faransanci, domin yawancin binciken da aka yi da shi aka buga. Rubuta `Sarraounia Lougou 1899`, ka sake gwadawa da `Saraounia Mangou`, ka ƙara `Voulet Chanoine`. Sunan yana da rubutu iri-iri, in ka tsaya a kan ɗaya za ka rasa rabin abin da ke akwai.

Me kake nema? Mutum mai suna, wanda za a iya kama shi in ya yi kuskure. Misali Farfesa Antoinette Tidjani Alou, ta jami'ar Abdou Moumouni, nan tsallaken gada, ta buga bincike a kan Sarauniya a 2009 a mujallar Research in African Literatures. Elara Bertho ta buga wani a 2011 a mujallar Genre & Histoire, inda ta jera abin da takardun mulkin mallaka suka ce da abin da littafin ya ƙara, kuma ana karanta shi kyauta. Muriel Mathieu ta rubuta littafi sukutum a kan ayarin, ya fito a 1995. Ba na ce ku karance su a minti ɗaya ba. Ku karanta farkon kawai, ku ga ko babbar maganar rubutunku tana ciki. In duk waɗanda suka shekara suna tonon wannan labari ba wanda ya ce ta kashe Voulet, sai wani marar suna, to kun san inda za ku ajiye shi.

Na san za a tambaye ni Wikipedia. Ku ɗauke ta kamar tasha, ba masauki ba. Ku gangara ƙasa ku ga me aka dogara da shi, ku kwatanta ta Faransanci da ta Hausa, ku lura da jimlar da ba ta da lamba a gefenta. Kowa na iya gyara ta, shi ya sa wata jimla tana da tushe, ta kusa da ita ba ta da shi.

Yanzu iyakar wannan hanya, don kada in sayar muku da abin da ba shi ba. Minti biyar suna isa ka gane rubutun da bai cancanci ka tura ba. Ba su isa su mayar da kai masanin tarihi ba. Rubutu zai iya tsallake duk matakan nan kuma ya yi kuskure. Sannan kada ku fita daga nan da tunanin cewa abin da ba a rubuta a takarda ba ƙarya ne. Tarihin baka shaida ne. A garin nan akwai CELHTO da IRSH, cibiyoyin da suka daɗe suna tattara shi suna ajiyewa. Amma shi ma yana da isnadinsa: wane tsoho, a wane gari, wa ya naɗa, a wace shekara. Shekarar tana da muhimmanci ƙwarai, domin bayan 1980 littafi da fim da rediyo sun koma har ƙauyuka, kuma mai ba da labari yana iya haɗa abin da ya ji wurin kakarsa da abin da ya ji a rediyo ba tare da ya lura ba. Abin da aka naɗa kafin littafin ya fito nauyinsa daban ne.

Akwai ɗan uwa da ya taɓa ce mini: "Malam, me ya dame ka? Ai ko da ƙari ne, namu ake yabo." Ga abin da ya dame ni. Ayarin Voulet da Chanoine ya kashe mutane da gaske, a Sansane Hausa, a Konni, a ƙauyuka da dama har zuwa ƙasar Tasawa. Jikokin waɗannan mutane suna raye, wasunsu ƙila suna zaune a nan. Ranar da ka tsaya gaban wanda ke son musanta wannan, in ka buɗe baki da cewa Sarauniya ta kashe Voulet a Lugu, ga kuma hoton ƴar fim a hannunka, minti ɗaya ya ishe shi ya kayar da kai. Daga nan ba zai ƙara sauraron maganar Konni ba, zai ce duk tatsuniya ce. Ƙarya ɗaya da ka ɗauko don ƙawa ta zubar maka da gaskiya goma da kakanninka suka biya da jini.

Sannan ƙarin yana yi wa ita kanta Sarauniya rashin adalci. In sai mun mayar da ita budurwa mai takobi kafin mu girmama ta, muna cewa ke nan macen da ta riƙe garinta da matsayinta da maganarta, ta ƙi miƙa wuya, ba ta ishe mu ba.

Ƙanwata ta yi bayaninta. Ta cire ranar haihuwar, ta cire kisan Voulet. Hoton ta bar shi, amma ta rubuta a ƙasa cewa Aï Keïta ce a fim ɗin Med Hondo. Ta raba allo gida uku: abin da Faransawa suka rubuta, abin da mutanen Lugu ke faɗa, abin da Mamani ya ƙaga. Ta ce mini wani ɗan ajinsu ya tashi ya ce ta rage wa Sarauniya daraja. Sai ta tambaye shi wace rana Voulet ya mutu, kuma a ina. Bai sani ba. Ta faɗa masa.

To ku ma yau da dare, in kun koma gida, ku buɗe wayoyinku ku nemo rubutu ɗaya da kuka taɓa turawa a kan wani mutum na tarihi, ko Sarauniya, ko Kaocen, ko Amina ta Zazzau, ko Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ku tambaye shi wa ya rubuta kuma daga wa ya ji. Ku auna magana ɗaya da kalanda. Ku nemi bayanin da ya fi ƙarfin zamaninsa. Ku binciki hoton. Ku fita ku tambayi wasu. In ya faɗi, ku koma inda kuka tura shi ku ce: ƴan uwa, na duba, kaza da kaza ba haka ba ne. Wannan ya fi turawar wuya, na sani, na taɓa yi.

Na ga ladan ya miƙe. Masu tambaya su riƙe ta, bayan salla ina nan.